Tsakanin lafiya da ciwon sukari: me lambobin gwaji ke cewa?

Akwai matakin da sukarin jini ke wuce na mai lafiya, amma bai kai a kira shi ciwon sukari ba. Galibi ba ya nuna wata alama, sai gwaji ke tona shi.

Gwajin da aka fi yi shi ne na safe, bayan mutum ya yi awa 8 bai ci komai ba sai ruwa. A ma'aunin mg/dL, Ƙungiyar Ciwon Sukari ta Amurka ta ɗauki ƙasa da 100 a matsayin lafiya, 100 zuwa 125 matakin gargaɗi, 126 zuwa sama kuwa ciwon sukari. Hukumar Lafiya ta Duniya daga 110 take fara gargaɗin.

A ce Malam ya karɓi takardarsa ya ga 6.4 mmol/L. Sai ya ninka sau 18, ya samu kusan 115: yana matakin gargaɗi. Amma in ya sha koko da ƙosai kafin a ɗebi jinin, lambar ba abin dogaro ba ce, sai an sake.

Gwajin HbA1c kuma matsakaicin sukarin wata 2 zuwa 3 yake nunawa, kuma gargaɗinsa 5.7% zuwa 6.4% ne. Sai dai sikila da ƙarancin jini kan karkatar da sakamakonsa, don haka a sanar da likita.

Wanda ke matakin gargaɗi ya sake gwaji duk shekara. Mai sakamako lafiya, duk shekara 3 ya isa. Wanda ya ga 126 ko fiye kuwa, kada ya jira shekara: a maimaita nan kusa don a tabbatar.