Tsallake da Maimaici Wajen Ɗebo Bayanai Shafi-Shafi

Idan wata manhaja ta nemi bayanai daga wata ta hanyar API, wato ƙofar da manhajoji ke bi su yi wa juna tambaya, ba safai ake miƙa mata su duka a lokaci guda ba. Akan yanka su ne shafi-shafi, ta karɓi ɗari, ta dawo ta karɓi wani ɗarin. Hanyar da aka fi sabawa da ita kuwa ita ce ta ƙirge, wato a ce wa rumbun bayanai ya tsallake kaza ya kawo kaza. Aibin wannan hanya shi ne ta ɗauka jerin yana nan daram tsakanin tambaya da tambaya, alhali kuwa rumbun bai san an taɓa tambayarsa ba.

Alal misali, a ɗauki rajistar takardun neman aiki guda 250, kowace da lambarta daga 1 zuwa 250, an jera su sabuwa a sama. Shafin farko zai kawo daga 250 zuwa 151. Na biyu kuma ga yadda ake nemansa:

```
SELECT * FROM takardu
ORDER BY lamba DESC
LIMIT 100 OFFSET 100;
```

To, a ce kafin wannan tambaya ta isa, sababbin takardu uku sun shigo, wato 251 da 252 da 253. Rumbun zai ƙirga ɗari daga sabon saman jerin, ya tsaya a 154, sa'an nan ya fara kawowa daga 153. Ke nan 153 da 152 da 151 sun zo sau biyu. In kuwa janye takardu biyu aka yi daga cikin na shafin farko, a ce 200 da 180, sai ƙirgen ɗarin ya haɗiye 150 da 149, shafi na biyu ya fara daga 148. Waɗannan biyun suna nan lafiya lau a rumbu, amma mai ɗiba ba zai taɓa ganinsu ba.

Maimaici yakan tona kansa, domin duk akawun da ya ga suna ɗaya sau biyu zai yi magana. Tsallake shi ne mugun, don ba ya barin sawu, kuma manhajar ba za ta nuna wani kuskure ba. Ko jimilla ma tana iya ruɗar mutum. A ce takardu biyu sun shigo kafin shafi na biyu, aka kuma janye biyu daga waɗanda aka riga aka karanta kafin na uku. Abin da aka ɗebo zai cika 250 cif, amma 152 da 151 sun zo sau biyu, 52 da 51 kuwa ba su zo ba sam. Saboda haka mai bincike ba layuka zai ƙirga ba, lambobin da suka bambanta zai ƙirga.

Akwai kuma wani sanadin da ba ya bukatar kowa ya taɓa rajistar. Idan da ranar shigowa kaɗai aka jera, kuma takardu arba'in suka yi tarayya a rana ɗaya, rumbun bai yi alkawarin wadda zai sa gaba a cikinsu ba, yana iya sauya musu tsari daga tambaya zuwa tambaya. Littafin jagorar PostgreSQL da kansa ya yi gargaɗi a kan wannan. Maganinsa mai sauƙi ne: a ƙara lamba a bayan rana cikin `ORDER BY`, ta zama mai raba gardama.

Shi kuwa sanadin farko, maganinsa a bar ƙirge a koma ga alama. Mai ɗiba zai riƙe lambar ƙarshe da ya gani, ya ce a ci gaba daga bayanta:

```
SELECT * FROM takardu
WHERE lamba < 151
ORDER BY lamba DESC
LIMIT 100;
```

Ko takardu nawa suka shigo ko suka fita a sama, shafi na biyu daga 150 zai fara, muddin tana nan. Irin wannan tsari ne kamfanin Stripe ke bi da `starting_after`. Sai dai ba a samunsa kyauta, domin ba dama a yi tsalle zuwa shafi na bakwai sai an ratsa shidan da ke gabansa. Har ila yau, tilas alamar ta kasance abin da ba ya canzawa. In aka jera da lokacin gyara na ƙarshe, sabo a sama, takardar da aka gyara ana tsakiyar ɗiba za ta tashi daga inda ba a kai ba ta koma saman da aka riga aka wuce, ta sake kuɓucewa.