Harajin Kan Sarki: Idan Takardar Ciko Ta Iso, Farashin Ƙarya Ne Ke Fara Tonuwa

Tun daga shekarun mulkin marigayi Muhammadu Buhari, 2015 zuwa 2023, filaye suka yi daraja a Daura. An kafa Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya, an kawo Jami'ar Sufuri, an gina asibitin sojan sama, gonakin da ake shuka gero jiya suka koma fulotai. Kuɗin ciniki ya haura miliyoyi, amma yadda ake rubuta takardar cinikin bai sauya ba. Ana zaune a zauren mai unguwa, dillali na gefe yana lissafin la'adarsa, shaidu su sa hannu, a buga hatimi, a shafa fatiha. Mai saye ya naɗe takarda ya sa a aljihu, a ganinsa magana ta ƙare.

Hatimin mai unguwa ko na dagaci shaida ce cewa an yi ciniki a gabansu, kuma yana da amfaninsa. Amma bai biya wa kowa harajin kan sarki ba, wanda ma'aikata ke kira sitam duti. Wannan haraji ne da hukuma ke karɓa a kan ita takardar, ta sayarwa ce ko ta haya, kuma mai saye ko ɗan haya ne ke biya. Idan cinikin tsakanin mutum da mutum ne, hukumar tara kuɗin shiga ta Jihar Katsina ce ke karɓa. Idan akwai kamfani a ciki, ko a ɓangare ɗaya ne, kuɗin na hukumar tarayya ne, wadda aka sani da FIRS kafin ta koma NRS a ranar 1 ga Janairun 2026.

Masu rashin sani ma da sauƙi. Abin da ya fi ba mai wannan rubutu takaici shi ne ɗabi'ar da ta zama ruwan dare, ta rubuta farashi biyu: na gaskiya a baki ko a wata 'yar takarda da ake ɓoyewa, na ƙarya a takardar da za a kai ofis.

A ɗauki misalin wani ɗan kasuwa da ke kai kaya kasuwar Mai'adua. Ya sayi gida a Daura a kan naira miliyan 24, ya tura kuɗin ta banki. Da aka zo rubuta takarda sai dillali ya matso ya rage murya: "Alhaji, a sa goma sha biyu kawai. Kowa haka yake yi, kuɗin gwamnati ai ba ya ƙarewa." Alhaji ya yi murmushi, aka rubuta miliyan 12. Harajin takardar sayar da gida ko fili a ƙarƙashin dokar tarayya kashi ɗaya da rabi ne cikin ɗari, don haka ya biya naira 180,000 maimakon 360,000. Ya ji daɗi, har ya ƙara wa dillali na goro.

Bayan wata shida ya so ya mayar da takardar shaidar mallaka zuwa sunansa, domin Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ce irin wannan fili ba ya sauya hannu sai da amincewar gwamna. A nan ne jami'in kimanta kadara ya je ya ga gidan da idonsa: ɗakuna, katanga, rijiyar burtsatse, ga shi a bakin titi. Ya kuma san nawa aka sayar da na maƙwabta. Hukuma ba dole ba ne ta yarda da adadin da aka rubuta idan ya yi hannun riga da darajar kadarar. Sai ga takarda ta iso wa Alhaji, ana sanar da shi cewa harajin da ya biya bai cika ba.

Lissafinta ba shi da wuya. Cikon da ake binsa naira 180,000 ne. Sabuwar dokar gudanar da haraji ta ɗora tarar kashi 10 cikin ɗari na abin da ba a biya ba, wato 18,000. Sannan akwai kuɗin ruwa bisa ma'aunin Babban Bankin Najeriya, wanda a Satumban 2025 ya tsaya a kashi 27 cikin ɗari a shekara. Idan aka yi lissafi da wannan ma'auni, wata shida ya kama 24,300. Jimla 222,300, kuma kowane wata da ya ƙara kwana a aljihu, kuɗin ruwan na ƙara hawa. Ga shi takardar mallakar ta tsaya cak har sai ya biya.

Wannan ma ƙaramar asara ce idan aka kwatanta da ramin da ya haƙa wa kansa. Gidaje da filaye da yawa a masarautar Daura na gado ne, kuma ba sabon abu ba ne wani magaji ya dawo daga Legas ko Damagaram ya ce ba da saninsa aka sayar ba. Idan kotu ta warware cinikin aka ce a mayar wa mai saye kuɗinsa, takardar da ya sa wa hannu miliyan 12 take cewa. Zai koma yana rantsuwa cewa shi da kansa ya yi ƙarya a rubuce, yana neman shaidun da ya sa suka sa hannu a kan ƙaryar su zo su ƙaryata kansu. Malaman fikihun Malikiyya kuma sun san hakkin shufa'a: wanda yake da tarayya a gidan da ba a raba ba yana iya karɓe kason da aka sayar, ya biya farashin da aka saye shi. Wane farashi ke nan? Ɗan'uwan zai ɗaga takardar ya ce ga shi nan a rubuce. A lokacin dillalin da ya ba da shawara ya daɗe da cinye la'adarsa, wadda kuwa a kan miliyan 24 ya lissafa ta, ba a kan 12 ba.

Sabuwar Dokar Haraji ta Najeriya, wadda Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a Yunin 2025 ta kuma maye gurbin tsohuwar dokar harajin kan sarki, ta yafe wannan haraji ga kadarar da darajarta ba ta kai naira miliyan 10 ba. Sauƙi ne ga talaka mai sayen fuloti a Zango ko Sandamu. Amma wanda ya san halin mutanenmu ya san abin da zai biyo baya: gidan miliyan 20 zai riƙa fitowa a takarda a matsayin na miliyan tara da rabi. Jami'in haraji shi ma ɗan gari ne, kuma adadin da ya tsaya daf da iyaka shi ne farkon abin da zai ja hankalinsa. A kuma lura cewa takardar da aka sa wa hannu kafin 2026 da tsohuwar doka ake auna ta, saboda haka ranar da ke jikin takarda ita ce abin dubawa na farko.

Na haya kuskurensa daban ne, yawanci a tsawon wa'adi yake. A Yulin 2020 an yi ta surutu da aka ji cewa FIRS za ta karɓi kashi 6 cikin ɗari a kan kuɗin haya, har sai da hukumar ta fito ta yi bayani: hayar da ba ta wuce shekara 7 ba kashi 0.78 ce, daga nan zuwa shekara 21 kashi 3, sai wadda ta haura haka ce ke kai kashi 6. Wato a kowace naira 100,000, mai gajeriyar haya 780 zai biya, mai ta shekara goma kuwa 3,000. Kamfanin da ya karɓi gini ko gidan mai na shekara goma amma ya biya a ma'aunin gajeriyar haya, takardar ciko na nan tafe. Ɗalibi mai ɗaki ɗaya da magidanci mai hayar shekara ba su da abin damuwa a sabuwar doka, domin hayar da ba ta kai miliyan 10 a shekara ba an yafe ta.

To, takarda ta iso, me za a yi? Da farko kada a kira lambar wayar da ke jikinta a ce a sasanta. A ɗauke ta a je ofishin hukumar da sunanta ke sama, a tabbatar daga can ta fito. Duk wanda ya ce a tura kuɗi asusunsa na kansa zai "gyara fayil", ko ɗan damfara ne ko mai shirin cin kuɗin ya bar bashin yana nan. Sai a zauna da lauya ko akanta a duba abu uku: darajar da suka sa wa kadarar, ma'aunin da suka yi amfani da shi, da kuɗin da aka riga aka biya, ko an cire shi. Nan ne rasit na farko ke da rana, kuma abin kunya ne yawan mutanen da ke adana takardar gida a ƙarƙashin katifa amma rasit ɗin haraji ya bi wanki a aljihun riga.

Idan mutum na ganin an yi masa tsada, yana da kwana 30 daga ranar da takardar ta same shi ya rubuta ƙorafi. A rubuce, ba zuwa a gaisa da oga a ce a duba ba. Ya faɗi dalilinsa, ya faɗi adadin da ya yarda ana binsa ya biya shi, ya haɗa da shaidar tura kuɗi ta banki da rahoton ƙwararren mai kimanta kadara mai rajista. Ya sa a buga masa hatimin karɓa da kwanan wata a kan kwafinsa, domin doka ta ba hukuma kwana 90 ta amsa, kuma da wannan hatimin ake ƙirga kwanakin. Idan amsar ba ta gamsar da shi ba, akwai kotun ɗaukaka ƙarar haraji, wadda reshenta na Arewa maso Yamma ke zama a Kaduna. Wanda ya bar kwana 30 suka wuce yana jiran wani ɗan'uwa mai hanya ya dawo daga tafiya, adadin ya tabbata a kansa.

Alhajin misalinmu ba shi da bakin ƙorafi, tunda takardar bankinsa da kanta miliyan 24 take nunawa. Nasa shi ne ya biya ta banki a asusun gwamnati, ya karɓi rasit mai ɗauke da sunansa da lambar takardar cikon. Idan kuɗin sun yi masa nauyi, yana iya rubuta roƙon a sassauta tara ko a bar shi ya biya kashi-kashi, amma wannan alfarma ce da hukuma ke da ikon yi ko ƙi.

Saura mataki ɗaya da mutane ke mantawa bayan sun biya. A mayar da ainihin takardar cinikin ofis a yi mata ƙarin hatimi ko a ba da shaidar cewa harajinta ya cika, domin takardar da ba a biya wa harajin da ya dace ba kotu ba ta karɓar ta a matsayin hujja. Kuma tunda adadin da ke jikinta har yanzu miliyan 12 ne, Alhaji ya nemo wanda ya sayar masa tun yana raye kuma suna ɗasawa, lauya ya rubuta musu takardar gyara mai ɗauke da farashin gaskiya, su sa hannu a gaban shaidu, ita ma a kai ta a buga mata hatimi cikin kwana 30.