Yadda Ake Rubuta wa Kaka Saƙo a Ƙaramar Waya

Kakata tana zaune a Tsafe, mu kuma muna Gusau. Wayarta irin ƙaramar nan ce mai madannai da tocila, kira da saƙon tes kawai take karɓa. Ta koyi karatun boko a ajin yaƙi da jahilci, tana karantawa, amma a hankali, kalma bayan kalma. Ni aka ɗora wa aikin rubuta mata saƙo a gidanmu, kuma na yi kurakurai kafin na iya.

Wata Alhamis na rubuta mata, “Gobe za mu zo.” Ashe wayarta ba caji. Sai ran Juma'a da yamma aka kunna ta, saƙon ya shiga, a lokacin kuwa mun riga mun fasa tafiyar. Ran Asabar Hajiya ta sa aka yanka kaza, ta zauna jiranmu har la'asar. Da ba mu iso ba hankalinta ya tashi, don kowa ya san yadda ake fargabar hanya a wannan yankin namu. Tun ranar na daina rubuta “yau” ko “gobe”. Sunan ranar nake sawa, domin saƙo yakan jira har sai an kunna waya.

Saboda wannan fargabar, kada ka taɓa aika wa tsoho “kira ni yanzu” shi kaɗai. Ka fara gaya masa lafiya kuke, sannan ka faɗi buƙatarka.

Ga wanda na tura mata kwanan baya:

“Assalamu alaikum Hajiya. Ina wuni? Jikarki ce ta Gusau. Duk muna lafiya. Za mu zo Tsafe ran Asabar da hantsi, in sha Allah. A gaida Kawu.”

Sallama da gaisuwa ne a gaba, kamar yadda ba za ka shiga ɗakinta ka fara magana ba ka durƙusa ba. Daga nan na faɗi ko ni wace ce, tunda wani lokaci da wayar Baba nake turawa, wani lokaci da ta Mama. In jikokin suna da yawa, ka sa sunanka. Magana ɗaya ce kawai a ciki, wato zuwanmu. Na rubuta “da hantsi” don da shi take lissafin lokaci, ba da agogo ba.

Na ƙirga saƙon nan, harafi 137 ne, har da tazarar da ke tsakanin kalmomi da alamomin rubutu. Shafi ɗaya na tes yana ɗaukar 160. In ka wuce, ya zama shafi biyu, kuma kowane shafi da kuɗinsa.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne haruffanmu masu ƙugiya: ɓ, ɗ, ƙ. Ba sa cikin jerin haruffan da tes ya saba da su. Da zarar ka sa ko guda ɗaya, yawancin wayoyi sukan koma wani tsari wanda shafinsa 70 kawai yake ɗauka, in kuma saƙon ya rabu, kowane yanki 67. Ke nan da na sa ƙ ɗaya tak a saƙon can, da ya zama shafi uku. Bayan haka, wasu ƙananan wayoyin ba su san haruffan ba, sai su nuna ɗan akwati a wurinsu. Haka 'yan fuskokin nan na dariya da kuka suke yi. Na taɓa tura mata ɗaya, ta tambaye ni ma'anar akwatin.

To amma cire ƙugiya ma yana da nasa haɗarin. Ɗan ajinmu ya rubuta wa kakansa na Bunguɗu, “Baba ya tafi fada.” Fadar sarki yake nufi. Tsohon ya saba ganin jikansa ba ya sa ƙugiya, sai ya karanta faɗa, ya yi ta bugo waya. Da ya rubuta “gidan Sarki” da ba a yi haka ba. Ni idan kalma za ta rikiɗe in an cire mata ƙugiya, wata nake nema. Maimakon baƙi sai in ce “mutanen Kano sun zo”. Malamar Hausa ta yi haƙuri, a littafin aji ba na barin ƙugiya ko ɗaya.

Gajarta kalmomi irin na hira da ƙawaye, kamar slm da lfy, ba na yi mata. Ba za ta gane ba, kuma sallamar da aka yanke ba ta dace da babba ba. Wasan jika da kaka ma ina ajiye shi sai mun haɗu. In ta kira ni kishiya a tsakar gida, ina ramawa ana dariya, amma a rubuce babu murya, sai ya fito kamar rashin kunya.

Kafin in tura, nakan karanta wa Mama da ƙarfi. Inda na yi tuntuɓe, can Hajiya ma za ta yi, sai in gyara. In magariba ta wuce ba ta yi mana filashin ba, Baba ya kira ta.