Adibas ɗin albashi: a wata nawa ya kamata a cire?

Kuɗin haya ya taso, ko an kwantar da iyali a asibiti, ga shi wata bai yi nisa ba. Ma'aikaci sai ya nufi ofishin akanta ya nemi adibas, wato a ba shi wani abu daga albashin da bai riga ya yi wa aiki ba, a riƙa cirewa kaɗan-kaɗan. Yawanci hankalinsa na kan abin da zai karɓa yau, alhali abin da zai fi shafar gidansa shi ne nawa za a riƙa cirewa, kuma har wata nawa.

Dokar Ƙwadago ta Najeriya ta yi magana a kan wannan a sashe na 4. Kada adibas ya wuce albashin wata guda. Mai aiki ba zai karɓe kuɗinsa cikin ƙasa da wata uku ba, kuma ba zai ɗora kuɗin ruwa ko wani caji a kai ba. Ba a kuma ba da sabo alhali tsohon bai ƙare ba, sai da wata larura da mai aikin ya amince da ita. Wannan kariya ta leburori ce da ƙananan ma'aikata irin su akawu. Manajoji da ƙwararru ba sa cikin waɗanda dokar ke kira ma'aikata, su takardar ɗaukarsu aiki da ƙa'idar ma'aikatarsu ce ke hukunci.

Inda ake yawan kuskure shi ne wata ukun nan. Akantoci da dama sun ɗauke shi a matsayin wa'adin da dole a gama biya, alhali shi ne mafi ƙarancin lokaci. Ana iya kai shi wata shida ko fiye, kuma sau da yawa hakan ne daidai, domin sashe na 5 ya ce duk abin da za a cire wa ma'aikaci a wata guda, in an haɗa shi, kada ya wuce kashi ɗaya cikin uku na albashinsa.

A ɗauki direban kamfani mai albashin naira 90,000, wanda ya karɓi adibas na wata guda cif. In aka raba uku, 30,000 ke nan duk wata, kuma da gani za a ce an tsaya daidai kan iyaka. Sai dai tun kafin adibas ana cire masa 12,000 na fansho, kuɗin ƙungiya da adashin ma'aikata. Jimilla ta zama 42,000, kusan rabin albashi, ya koma gida da 48,000. Gurbin da ya rage a ƙarƙashin iyakar 30,000 shi ne 18,000 kawai. Da wannan za a gama biya a wata biyar, in kuma aka mayar da shi 15,000 a gama a wata shida, direban yana tafiya gida da 63,000. Kamfani bai yi asarar ko kwabo ba, jira kawai ya ƙaru. A ganina duk mai aikin da ya iya ba da adibas zai iya wannan jiran. Wanda aka bari da 48,000 kuwa, kafin tsakiyar wata ya fara cin bashi wurin mai shago, daga nan ya komo neman wani adibas ɗin da doka ta taƙaita.

Kafin a karɓi kuɗin, a rubuta a takarda: nawa aka bayar, nawa za a cire, watan farawa da watan ƙarewa, da abin da za a yi da ragowar in mutum ya bar aiki. Kowa ya sa hannu ya riƙe kwafi. Watan ƙarewa ya fi komai muhimmanci, saboda a tsarin biyan albashi na kwamfuta, cirewar da ba a sa mata ranar tsayawa ba tana iya ci gaba bayan an gama biya. Ana gane haka ta takardar albashi: direban nan in ya ga an cire 15,000 karo na bakwai, an shiga haƙƙinsa, sai ya kai takardunsa shida na baya a mayar masa.

Haka kuma a bambance wannan da abin da bankuna ke tallatawa da sunan adibas na albashi. Wancan bashin banki ne mai kuɗin ruwa da caji, ana zare shi daga asusu da zarar albashi ya shigo, kuma sashe na 4 bai shafe shi ba, domin maganar dokar tsakanin ma'aikaci ce da mai aikinsa.