Takardar Yarda: Darasi Daga Fim Ɗin Da Aka Tsare Shekara Fiye Da Ashirin

Masu shirya fim na gaskiya, wato wanda ake ɗaukar mutane cikin harkokinsu ba tare da wasan kwaikwayo ba, suna da wata takarda da suke bai wa wanda suka ɗauka ya sa hannu. A cikinta akan rubuta sunansa da sunan mai fim, da abin da aka ɗauka, hoto ne ko murya ko duka biyu, da inda za a nuna, da tsawon lokacin da iznin zai yi aiki, da kuma ko akwai biya. Amma sa hannu ba shi da daraja sai in mai hannun ya fahimci abin da ya yarda da shi. Wata shari'a da aka yi a Amirka ta fito da wannan a fili.

A cikin 1966 wani lauya mai suna Frederick Wiseman ya sami iznin shiga asibitin Bridgewater da ke Jihar Massachusetts, inda ake tsare masu taɓin hankali waɗanda aka tuhuma ko aka kama da laifi. Ya yi kwana 29 yana ɗaukar hoto. Fim ɗin, mai suna Titicut Follies, ya fito a 1967. Ya nuna mutane tsirara cikin ɗakunan da babu ko shimfiɗa, da masu gadi suna tsokanar wani har ya fusata, da wani da ake ɗura wa abinci ta hanci.

Nan da nan gwamnatin jihar ta kai ƙara. Ta ce an ba da izni ne bisa sharaɗi: kada a nuna kowa sai mai hankalin da zai iya yarda, kuma a karɓi yardarsa a rubuce. Kotu ta gano cewa daga cikin tsararru 62 da aka shaida a fim ɗin, 11 ko 12 kaɗai suka sa hannu, kuma yawancin tsararrun ba su da hankalin gane ma'anar takardar. Shi kuwa Wiseman ya ce shugaban asibitin, wanda yake riƙe da amanarsu, ya amince, kuma abin da hukuma take kārewa shi ne sunanta, ba mutuncin majinyata ba.

A 1968 alƙali ya ba da umurni a hallaka fim ɗin. Da aka ɗaukaka ƙara, babbar kotun jihar ta sassauta a 1969: ba za a hallaka shi ba, amma ba za a nuna wa jama'a ba, sai likitoci da lauyoyi da alƙalai da ma'aikatan jin daɗin jama'a da ɗaliban waɗannan fannoni. Sai a 1991 wani alƙali ya ɗage takunkumin, bayan da yawa daga cikin waɗanda aka ɗauka sun riga mu gidan gaskiya.

Abu na farko da za a lura da shi, iznin mai gida daban, yardar wanda ke cikin gidan daban. Takardar shugaban asibiti ko makaranta ko kurkuku tana buɗe ƙofa ne kurum. Yaro da mai taɓin hankali sai waliyyinsu ya sa hannu, kuma bai kamata waliyyin ya zama hukumar da ake binciken aikinta ba.

Na biyu, wuri yana canja hukunci. A Amirka da Ingila, wanda ya gifta a kan titi aka ɗauke shi cikin taro galibi ba a neman takardarsa, domin bai ɓuya ga kowa ba. Akan kafa sanarwa kawai cewa ana ɗaukar hoto. Amma da zarar an ware shi, an yi hira da shi, ko za a sa fuskarsa a talla, sai an nemi yardarsa. Ɗakin majinyaci kuwa ba titi ba ne.

Na uku, akwai hanyar gwada fahimta. A karanta wa mutum takardar da harshensa, sannan a roƙe shi ya maimaita da bakinsa inda za a nuna fim ɗin da waɗanda za su gani. Idan bai iya karatu ba, a ɗauki wannan bayani nasa a kyamara, a sa shaida. Idan ya kasa maimaitawa, ko ya amsa ne domin mai gadi yana tsaye a kansa, to ba a sami yarda ba ko da ya dangwala yatsa. A nan sai a rufe fuskarsa da sunansa, ko a cire wurin ɗungum.

Duk da haka shari'ar ta bar wata matsala da takarda ba ta warwarewa. Dokar da aka yi domin kāre raunana ita ce ta hana jama'ar Massachusetts ganin halin da raunanan nan suke ciki har shekara fiye da ashirin. Saboda haka idan ma'aikaci ya hana ɗaukar hoto da sunan rufin asiri, ya kamata ya fara tantance ko asirin wa yake rufewa.