Lissafin Hanne Mai Ɗanwake

Shirinmu na yau ya shafi ɗalibin da malaminsa na ajin ƙagaggun labarai ya umurce shi ya rubuta gajeren labari a kan yarinya mai tallar abinci don ta biya kuɗin makaranta.

Galibin ɗalibai, da zarar sun ɗauki alƙalami, sai su cika takarda da hawaye da maraici, daga bisani kuma, idan dabara ta ƙare musu, su kawo wani attajiri cikin mota ya biya kuɗin baki ɗaya, alhali kuwa mai karatu bai san ko nawa ake bin yarinyar ba, balle ya ji nauyin abin a zuciyarsa. A ganina, maganin wannan illa shi ne marubuci ya fara yin hisabi kafin ya rubuta jimla ko ɗaya.

Mu ƙaddara sunanta Hanne, tana sayar da ɗanwake, makaranta kuwa ta ba ta wa'adin kwana 20 ta kawo naira 6,000. Jarinta na kullum naira 2,000 ne, na garin wake da na rogo, da kuka da kanwa, da man gyaɗa da yaji da itace. Idan ta sayar duka, ciniki ya kama 2,300, wato riba 300. Kun ga ke nan lissafin ya zo cif-cif, babu rarar yini guda, kuma tun daga nan mai karatu zai fara fargaba ba tare da an ce masa ya yi ba.

To, sai a saukar da ruwan sama a rana ta 12, da hantsi, lokacin da leburori da 'yan kasuwa suke neman abin karyawa. Rabin kwano ya yi kwantai, shi kuwa ɗanwake, kamar yadda duk mai dafa shi ta sani, ba ya kwana ya sayu. Ciniki ya tsaya a 1,150, an ci jari da 850, kusan ribar kwana uku, ban da ta ranar da ba a samu ba. Kada marubuci ya ce Hanne ta yi baƙin ciki. Ya wadatar ya nuna ta da magariba tana raba wa ƙannenta kwantan, suna murna suna lashe yaji, ita kuwa ta ce ta ƙoshi.

Kashegari malamin da ke riƙe da rajistar masu bashi ya tsaya a gabanta, ya miƙa naira 100, ya ce, "Hanne, ba gyara?"

Ta dubi kwanon, ta ƙidaya abin da ya rage da ido, sannan ta durƙusa ta ƙara masa guda uku, ta ce, "Ga shi, Malam."