Idan Hukumar Haraji Ta Ce Lissafin Albashi Bai Daidaita Ba

Wasiƙa ce ke zuwa daga hukumar tattara haraji ta jiha, kamar KIRS a Kano, tana cewa albashin da kamfani ya bayyana ya saɓa da abin da ma'aikacinsa ya bayyana. Wasiƙar neman bayani ce, ba hukunci ba, kuma galibi girman giɓin kansa yana nuna inda matsalar take.

A tsarin PAYE, mai kamfani ne ke cire haraji daga albashi, ya miƙa wa jihar da ma'aikacin ke zaune kafin ranar 10 ga wata mai zuwa ta wuce. Zuwa 31 ga Janairu yakan shigar da bayanin albashin shekarar da ta gabata, wanda aka fi sani da fom H1. Shi kuma ma'aikaci yana da wa'adi zuwa 31 ga Maris ya bayyana kuɗin da ya samu. Waɗannan takardu ne hukuma ke gwamawa.

A ɗauka wani gidan burodi yana biyan direbansa naira 150,000 a wata. Akawu ya rubuta 1,800,000 a shekara, direban kuwa ya bayyana 2,040,000. Giɓin 240,000 ne. Da an raba shi gida 12 sai a sami 20,000, wato kuɗin abincin da maigida ke miƙa masa hannu da hannu kowane wata, wanda bai taɓa shiga takardar albashi ba. Direban bai yi kuskure ba, domin alawus irin wannan yana cikin kuɗin da ake sa wa haraji. Kuma kamfanin hukuma za ta bi bashin harajin da ba a cire ba, har da tara da kuɗin ruwa.

Giɓin da ya zo sau ɗaya yakan zama goron Sallah ko garaɓasar ƙarshen shekara. Idan kuwa adadin ma'aikaci ne ya gaza na kamfani, a duba fansho: wataƙila ya rubuta abin da ya shiga asusunsa bayan an cire kashi 8 cikin ɗari. Wani lokacin kuma ma'aikacin ya sauya wurin aiki a tsakiyar shekara, ya haɗa albashin wurare biyu. Irin wannan ba ya jawo wa kamfani bashi, bayani kawai yake buƙata.

Saboda haka a jera takardar albashi, bayanan banki da rasidin biyan haraji wata-wata, ma'aikaci bayan ma'aikaci. Idan an kai ga ƙiyasta haraji, kwana 30 doka ta bayar a rubuta ƙin amincewa. Wanda ya yi shiru, ƙiyasin ya tabbata a kansa. Inda laifin na kamfani ne, a gyara bayanin, a biya cikon, sannan daga wannan watan kowane alawus ya bi ta takardar albashi.